Ninka Biyu, Ƙara Talatin: Dabarar da Bazarar Kazaure Ke Ƙaryatawa

Ni ne tafintan zafi a gidanmu na Gwiwa. Baba yana da wani tsohon ma'aunin zafi rataye a zaure, wanda lambobin Farenhait kaɗai ke jikinsa, alhali hasashen da hukumar NiMet ke bayarwa a rediyo da Salshiyos yake zuwa. In aka ce gobe zafi zai kai 40, sai ya dube ni ya ce, "To ɗan boko, nawa ke nan a nawa?" Tun kafin in shigo Foli nake wannan aiki, kuma yawanci babu biro, babu kalkuleta.

Asalin lissafin ba wuya. A ma'aunin da Daniel Gabriel Fahrenheit ya fitar a 1724, ruwa yana daskarewa a 32, ya tafasa a 212, wato tazarar digiri 180. A na Salshiyos kuwa tazarar 100 ce cif, daga 0 zuwa 100. Ke nan kowane digiri ɗaya na Salshiyos daidai yake da 1.8 na Farenhait, sannan a ƙara 32 saboda ba wuri ɗaya suka faro ba:

F = (C × 1.8) + 32

In rediyo ta ce 40, sai ka ninka da 1.8 ka samu 72, ka ɗora 32. Amsa 104.

Akwai kuma gajeriyar hanya da kowa ya sani: ninka biyu, ƙara talatin. Da sanyin asubar hunturu, in wayarka ta nuna 15, ninki biyu 30, ƙara 30 ya zama 60. Amsar gaskiya 59 ce, ka ga ba laifi. Amma fa wannan dabara a kan digiri 10 kawai take faɗawa daidai, inda hanyoyin biyu ke ba da 50. Daga nan, duk digiri biyar da zafi ya hau, sai ta yi ƙarin gishiri na digiri ɗaya. A 25 tana cewa 80 maimakon 77. A 40, irin na tsakar rana a watan Afrilu, tana cewa 110 maimakon 104. Dabara ce da ta dace da ƙasashen sanyi. Mu nan, a lokacin da muka fi buƙatarta ne take ba mu kunya.

Shi ya sa a bazara nake sauya talatin ɗin da ashirin da huɗu. Ninka biyu, ƙara 24: a 40 za ka samu 104 daidai wa daida. A 35 za ka samu 94, gaskiyar 95. A 45 za ka samu 114, gaskiyar 113. Tsakanin waɗannan biyu kuskuren ba ya wuce digiri ɗaya, kuma ranakun bazararmu a nan suke yawo.

Wanda kuma yake son amsa ba ragi ba ƙari, ga yadda nake yi da ka: ninka biyu, cire kashi ɗaya cikin goma na abin da ka samu, ƙara 32. Mu ɗauki 42. Ninki biyu 84. Kashi ɗaya cikin gomansa 8.4 ne, in ka cire saura 75.6. Ƙara 32, ka samu 107.6. Wannan ba kintace ba ne, ainihin ƙa'idar ce, domin 2 in ka rage masa kashi ɗaya cikin goma, 1.8 ne ke saura.

Inda abin ya wuce hira shi ne jikin mutum. Wani dare abokin ɗakina, ɗan Roni, ya kwanta da zazzaɓi. Aka aro ma'aunin zafi wajen wani ɗan Ɓaɓura, ashe an saita shi a kan °F, ya nuna 103. Nan take wani ya juya dabarar baya: cire 30, raba biyu, 36.5. Ya ce, "Kai, lafiyarka lau, gajiya ce kawai." Na ce a'a, a cire 32 a raba da 1.8. Cire 32 ya bar 71, rabawa ta ba da 39.4. Zafin lafiyayyen jiki kusan 37 ne, wato 98.6, kuma daga 38, wato 100.4, an shiga zazzaɓi. A daren muka kai shi asibiti.

Don haka dabarar talatin ta hunturu ce, ta ashirin da huɗu ta bazara. In kuwa ma'aunin a hammatar mutum aka sa, zauna ka yi cikakken lissafi, ko ka riƙe wannan ɗaya: ya haura 100 a °F, to a nemi ma'aikacin lafiya.