Bayan an fito daga ɗakin intabiyu

Waɗanda suka nemi aiki a farkon shekarun 2000 sun san ranar Talata. Ita ce ranar da jaridar Guardian take fitowa cike da tallan guraben aiki, sai ka ga samarin da suka gama bautar ƙasa sun yi cincirindo a wurin mai sayar da jarida, ana ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa ana kwafar adireshi. Rubuta takardar neman aiki kowa ya koya, haka ma shiga gaban masu intabiyu: a goge kaya, a zo da wuri, kada a zauna sai an ce bisimilla. Abin da ba wanda ya koya mana shi ne abin da mutum zai yi bayan ya fito an mayar da ƙofa. A nan aka rabu gida biyu. Wasu su koma gida su naɗe hannu, su ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Wasu kuma su tare a ƙofar ofishin, kullum suna kan bencin maigadi, har masinja ya daina amsa gaisuwarsu.

Ni wani kawuna ne ya raba ni da hanyoyin biyu. Tsohon akawu ne, ya yi shekaru yana riƙe da fayil a ma'aikatun gwamnati a Kaduna kafin ya yi ritaya. A watan Nuwamba na 2003, cikin azumi, wani kamfanin da ke rarraba taki da iri ya kira ni intabiyu a kan aikin akawun sito. Da na dawo aka sha ruwa, bai tambaye ni ko na yi ƙoƙari ba. Cewa ya yi, "Sun gaya maka ranar da za a ji?" Na ce shugaban kwamitin ya ce nan da mako biyu. Ya ce, "Wa aka ce a tuntuɓa?" Na ce Hajiyar da ke rubuta bayanan zaman, ita ce mai kula da sha'anin ma'aikata. Ya ce, "To madalla. Ɗauko takarda. Mutane sun zauna tun safe da ƙishirwa suna sauraronku, ai ka yi musu bangajiya."

Da Turanci muka rubuta ta, jimla huɗu, ba ta kai rabin shafi ba. Ta farko godiya ce bisa lokacin da aka ba ni ranar Talata, da sunan gurbin da na nema a rubuce, domin rana ɗaya suka ga masu neman aiki iri uku. Ta biyu ita ce ta fi ba mu aiki. A wurin intabiyu shugaban ya yi ƙorafi cewa duk damina lissafin katin sito ba ya dacewa da na littafin ofis, saboda motoci suna ɗaukar taki da yamma bayan akawu ya tashi. Kawu ya ce in ambaci wannan, in ce idan an ɗauke ni zan fara da haɗa takardun fitar kaya da katin sito kowace safiya kafin a buɗe ƙofa. Ta uku ta ce har yanzu ina son aikin. Ta huɗu lambar waya ce. Ni ba ni da waya a lokacin, don shekara biyu kacal ke nan da shigowar salula Nijeriya kuma layi yana da tsada, sai muka sa lambar shagon yayana. A takardar neman aikin akwatin gidan waya kaɗai na bayar.

Na so in ƙara cewa ni ne babba a ɗakinmu, ga ƙanne suna makaranta. Kawu ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, wannan ka kai wa mai rabon zakka. Su mai riƙe musu sito suke nema." Ya hana ni sa sunan wani babban mutum da muka sani, ya kuma ce ko kwalin dabino kada in haɗa da ita, duk da azumi ake yi. Washegari na kai ta da hannuna, na miƙa wa sakatariya, ban nemi ganin kowa ba, na juyo.

Dalilin gaggawar a bayyane yake. Wanda ya ga mutum goma sha biyar a yini, bayan kwana uku fuskokin sun cakuɗe masa. Wasiƙar da ta iso washegari tana samun mutum yana tune da kai. Wadda ta iso bayan mako guda kuwa ba a karanta ta a matsayin godiya, ana ɗaukarta tambaya ce aka lulluɓe.

Mako biyun da aka ce ya faɗa daidai makon Ƙaramar Salla. Na ƙagu, amma Kawu ya ce kwanakin aiki ake ƙirgawa, ba kwanakin kalanda ba. Mako biyu a bakin ma'aikaci kwana goma ne na zuwa ofis. A cire Asabar da Lahadi, a cire hutun Salla, sannan a ƙara wa mutane kwana biyu ko uku na uzuri, domin wanda ya faɗi ranar ba shi kaɗai yake sa hannu ba. Ya kuma ce kada in buga ranar Litinin da safe, ana taron mako, kada kuma in buga ranar Juma'a da rana. Na je wurin masu lemar buga waya wata Laraba da hantsi. Na yi sallama, na faɗi sunana da gurbin da ranar da aka gan ni, na ce, "Hajiya, an ce mana mako biyu, shi ne na ce bari in ji ko an tsayar da magana, ko kuma akwai ranar da ya dace in sake tuntuɓa." Ta ce rahoto yana teburin manajan darakta, in sake nemanta bayan Kirsimeti. Ban sake bugawa ba, na zauna jiran lokacin. Kafin ma in buga, aka kira shagon yayana a farkon Janairu.

Sai bayan shekaru, da aka mayar da ni sashen ma'aikata har ni ma na fara zama sakataren kwamitin intabiyu, na gane abin da ke faruwa a bayan ƙofar. Kowane ɗan kwamiti yana da takardar maki a gabansa, yana cikawa kana magana ko da zarar ka fita. Kafin a tashi a ranar an tara maki, an jera na ɗaya da na biyu da na uku, kowa ya sa hannu. Na ga nawa fayil ɗin. Takardun makin suna ɗauke da kwanan watan intabiyu, wasiƙata kuma tana samansu da hatimin washegari. Ba ta ƙara mini maki ko ɗaya ba, kuma duk wanda ya ce maka wasiƙar godiya tana juya sakamako a wurin da ake aiki da takardar maki, bai taɓa zama a kwamiti ba. Ni ne na biyu. Na ɗaya an ba shi takarda, ya nemi ƙarin albashi, aka yi ta ja-in-ja, ƙarshe ya tafi banki. Da aka waiwayo kaina ana gab da fara sayen kaya, ba wanda yake da haƙurin aika wasiƙa ta gidan waya ya jira. Lambar da ke jimla ta huɗu aka buga. Hajiya kuma ta ce da ta kai fayil ɗin, manajan ya karanta maganar katin sito ya ce a kira ni.

Wannan ne abin da masu jira ba su sani ba: shiru mai tsawo sau da yawa alama ce ta cewa kai ne na biyu. Wanda ya faɗi warwas ba abin da zai hana a sallame shi, sai dai sakaci. Na biyu kuwa ba za a ce masa e ba, don na ɗaya bai amsa ba tukuna, ba kuma za a ce masa a'a ba, don kada ya tafi. Ga kuma sauran matakan da ke cin lokaci: sa hannun shugaba wanda wataƙila ya yi tafiya, tuntuɓar waɗanda ka ce su tsaya maka shaida, da tabbatar da cewa kuɗin albashin yana cikin kasafi. Saboda haka a saurari irin amsar da aka bayar. Idan an faɗi inda takarda take, aka kuma ba ka rana, magana tana da rai. Idan an ce "za mu neme ka" sau biyu ba tare da rana ba, ka ci gaba da neman wani wurin. Idan tun farko ba a faɗi lokaci ba, ni na fi ganin a bari mako biyu ya cika kafin tambayar farko, a sake bayan wasu mako biyun, daga nan a tsaya.

Wuri ɗaya ne na yarda a yi tambaya kafin ranar da aka yanka: idan wani wurin ya ba ka takardar ɗauka ya ce ka amsa kafin rana kaza. A nan sai ka faɗa musu gaskiya, da ranar, ka ce nasu ka fi so idan haka ne. Na ga an kammala cikin kwana biyu abin da zai ɗauki wata saboda irin wannan saƙon. Na kuma ga wanda ya ƙirƙiro tayin da babu shi don ya tsorata mu, aka ce masa Allah ya sanya alheri, ya karɓi wancan.

Aikin gwamnati daban yake, kuma a nan nake saɓa wa masu ba da shawara iri ɗaya ga kowa. Inda hukumar ɗaukar ma'aikata ce take tantance ɗaruruwan mutane, wasiƙa zuwa ga ɗan kwamiti da sunansa ta fi kama da kamun ƙafa, wasu tallace-tallacen ma suna faɗa ƙarara cewa wanda ya yi haka an cire shi. A matakin tarayya kuma sai jerin sunaye ya bi ta Hukumar Raba Daidai, a duba kason jihohi, abin da ba sakataren da zai iya gaggauta shi. Yawan sintiri a irin wannan wuri ba ya jawo komai sai 'yan damfara masu cewa suna da gurbin sayarwa. A jira sanarwar hukuma.

Yau imel ya ɗauke wahalar kai takarda, ana iya aikawa da yammacin ranar ko washegari, kuma jimla huɗun nan ba su canza ba. Sai dai sauƙin ya zo da nasa ɓarnar. Na ga mai neman aiki ya samo lambar ɗan kwamiti ya riƙa aika masa barka da Juma'a ta WhatsApp, wani kuma ya buga waya bayan sallar isha'i. A bi hanyar da aka kira ka ta ita: idan ta imel aka gayyace ka, ka amsa a kan wannan imel ɗin, a cikin lokacin aiki, ga wanda aka ce a tuntuɓa.

Ku kuma da kuke zaune a ɗaya gefen teburin, rabin nacin da kuke kuka da shi ku kuke jawo shi. Ku faɗi rana kafin mutum ya tashi daga kujera, ku faɗi wanda za a tuntuɓa. Idan na ɗaya ya sa hannu, ku aika wa sauran layi biyu a makon, ku ce an cike gurbin. Akwai wanda ya ci bashin kuɗin mota daga Gusau ko Potiskum ya zo gabanku, kuma har yanzu yana duba wayarsa.