Hutun zango a doguwar lacca

Duk wanda ya zauna laccar awa biyu a Jami'ar Jihar Gombe da ke Tudun Wada, cikin zafin watan Maris, ya san lokacin da hankali ke sulalewa. Malami yana gaba, ɗalibi yana rubutu, amma ya manta dalilin da ya kawo su nan.

Na daɗe ina tunanin maganin wannan, kuma ƙarami ne: shafi guda a majigi tsakanin sashe da sashe, mai layi uku kacal. Abin da muka gama, inda muke, inda za mu.

A ce darasin zaizayar ƙasa ne a garin Gombe. Malami ya gama bayanin ƙasa mai yashi, zai shiga batun ruwan sama. Sai shafin ya ce: yashi ba ya riƙe juna, yanzu za mu ga yadda ruwan da ke gangarowa daga rufin kwano da kwalta ke kwashe shi, daga nan sai gyaran kwari. Minti ɗaya ya isa. Wanda ya ɓata ya dawo hanya, kamar matafiyin da ya tarar da ayari a zango.

Abin yana lalacewa idan shafin ya cika da rubutu ko aka cusa masa sabon bayani. Alamar ita ce ka ga ɗalibai sun duƙufa suna kwafa, maimakon su ɗago kai su saurara. Idan wuta ta ɗauke kuwa, alli da allo sun wadatar wa layi uku.