Riyal dubu uku daga Jidda zuwa Sundimina

A watan Agustan 2022 Yayana, wanda ke tuƙin mota a Jidda, ya aiko riyal 3,000 don a sake wa ɗakunan Inna kwano, saboda daminar shekarar ta ɓarke rufin. Lissafin da muka yi a waya ba shi da wuya. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 a kowace dala ɗaya, wato dala 800 ke nan. A lokacin 'yan canjin Wapa a Kano suna sayen dala wajen naira 690. Muka sa ran dubu 550 da ɗoriya, har na yi ciniki da kafinta.

Da saƙon banki ya shigo wayata sai na ga naira 322,560.

Na nuna wa Inna. Ta ce, "To, Allah ya yi masa albarka," ta ci gaba da tsintar wake. Amma kafin magariba zancen ya kai gidan Kawu, kuma a ƙauye idan kuɗi ya ragu a hanya, hannun da ya karɓa ake kallo. Da daddare Yaya ya kira, murya a sanyaye: "Malam ƙarami, ka duba da kyau kuwa?" Bai ce na ci ba, ni ma ban ce ya zarge ni ba.

Washegari na hau mota daga Sundimina zuwa Birnin Kudu. A banki aka ce abin da ya iso shi aka zuba mini. Wani ma'aikaci mai haƙuri ya ce in sa Yaya ya karɓo takardar da ake kira MT103 daga bankin da ya tura kuɗin. Da hotonta ya iso, muka zauna da biro muna bin sawu.

Ragin farko tun a Jidda aka yi shi. Yaya ya biya ladan aike daban, ya ɗauka shi ke nan. Ashe an sayar masa da dala a kan 3.78, sai takardar ta nuna dala 793 da 'yan canji. Wajen dala shida ta tafi, ba a rubuta ta a matsayin caji ko'ina ba.

Na biyu kuma, bankin can ba shi da asusu kai tsaye da namu, don haka kuɗin ya bi ta wani banki na tsakiya, shi ma ya ciri dala 25. Ma'aikacin ya ɗora yatsa a gurbi mai lamba 71A, inda aka rubuta SHA. Ma'anarsa an raba caji: mai aikawa ya biya na bankinsa, sauran a cira daga jikin kuɗin. Da OUR aka rubuta, Yaya ne zai biya duka tun daga can. Ya ce ba a ma tambaye shi ba.

Duka waɗannan ba su kai dala 32 ba, kuma irinsu ne mutane suka fi kuka da su. Babban ramin yana gida. Dala 768 ta iso, asusuna kuwa na naira ne, sai bankin ya canza ta da kansa a kan naira 420, ƙasa kaɗan da farashin hukuma da ke wajen 430. Tsakanin 420 da 690 akwai naira 270 a kowace dala. Ninka ta sau 768, ka ga fiye da dubu 200 sun narke ba tare da wani layi a takarda ya ambace su ba. Abin haushin, tun ƙarshen 2020 Babban Bankin Najeriya ya umarci kamfanonin aiken kuɗi su riƙa biyan mutane da dala. Da ta wannan hanya aka bi, ko da asusun dala gare ni, da na karɓi abina na kai Wapa. A ganina banki da ya san wannan giɓi ya kamata ya kira mai asusu kafin ya canza.

Na kai wa Kawu takardar, na karanta masa layi-layi a gaban Inna. Ya girgiza kai ya ce, "Ashe ɓarawon a cikin lissafi yake." Ɗaki ɗaya muka rufa, ɗayan ya jira aka sayar da riɗi.

Abubuwa sun sauya daga baya. A Yunin 2023 aka saki naira ta bi kasuwa, sannan a Janairun 2024 aka ce kamfanonin su koma biya da naira. Giɓin ya ragu, amma ribar canji tana nan. Yanzu Yaya yakan shiga shago biyu ya ce a rubuta masa naira nawa za ta shiga asusuna. A aikensa na azumin da ya wuce, shagon da ya manna takardar "babu caji" a ƙofa shi ya ba da adadi mafi ƙanƙanta.