Kalmar da Aka Ja wa Layi

A duk tambayoyin jarrabawar Hausa, babu wadda yarana ke rainawa kamar wadda ake ja wa kalma layi a ce su kawo kishiyarta ko wadda ta yi daidai da ma'anarta. Suna ganin ai harshen da suka sha a nono ne. Amma in na zauna gyaran takardunsu, a nan nake tarar da maki ya fi zubewa, kuma yaran da suka fi kaifin baki su ne kan gaba wajen faɗawa ramin, don ba sa tsayawa su karanta jimla. Ido na sauka kan layin, hannu ya riga ya zaɓa.

Ga wadda nake yawan ba su. Tun da aka yi masa rasuwa jikinsa ya yi sanyi. An ja wa sanyi layi, ana neman kishiya, an jera zafi, ɗumi, ƙwari da kasala. Mafi yawansu zafi suke ɗauka, tun da haka aka koya musu a firamare: sanyi da zafi, dare da rana. Ba na gardama da su. Cewa kawai nake yi wani ya tashi ya mayar da amsarsa cikin jimlar da ƙarfi. Da ya ce jikinsa ya yi zafi sai aji ya kwashe da dariya, domin kowa ya ji an koma maganar zazzaɓi. Sanyin da ke cikin jimlar nan na karayar zuciya ne da mutuwar gaɓoɓi, wanda ko ana tsakiyar bazara yana kama mutum. Kishiyarsa ƙwari. Ɗumi ɗan rakiyar zafi ne, tare suke faɗuwa. Kasala kuwa an ajiye ta ne don wanda ya gane ma'anar sarai amma ya manta kishiya aka tambaye shi, kuma wannan faɗuwar ta fi ba ni haushi, don yaron ya riga ya yi aikin mai wuyar.

Shi ya sa nake sa su rufe zaɓin da tafin hannu tukuna. Su karanta jimlar har ƙarshe, su faɗi abin da take nufi da kalmarsu ta kansu, sannan su ɗaga hannu su nemi wadda ta dace. Wanda ya fara leƙa zaɓin, ma'anar da ya fi sabawa da ita ce za ta ja shi.

Aikatau ci ya fi kowace kalma wannan hali. Wanda ya ci jarrabawa, kishiyarsa wanda ya faɗi. Wanda ya ci bashi, sai wanda ya biya. An ci amana, an riƙe amana. Kasuwa in ta ci, daga baya watsewa take yi. Ko ɗaya ba a kai komai baki ba, kuma abin da ke fayyace ma'anar kullum shi ne sunan da ke maƙwabtaka da kalmar.

Akwai kuma waɗanda rubutunmu ne ya haɗa su, a baki daban suke. Boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka fari na launi, fari na rashin ruwan sama, fari na ɗan fari da fari jam'in fara duk kamanninsu ɗaya a takarda. A nan nahawu ke ceton mutum. In an rubuta fari ya halaka gero bana, ƙamfar ruwa ake nufi. In aka ce fari sun halaka gero, ƙwari ne suka sauka a gona. Tsakanin ya da sun amsar take, yaron da ya zaɓi baƙi kuwa bai ma shiga gonar ba. Nakan ce su motsa leɓe su furta jimlar a hankali, don kunnen Bahaushe yakan ji abin da idonsa ya tsallake.

Dabarar tana da iyaka, ba na ɓoye musu. Wani lokaci mai tsara tambayar ne ke gajarta jimla har ta ɗauki ma'ana biyu. A rubuta ina jin nauyinsa, a ja wa nauyi layi, a sa kunya da ɗawainiya cikin zaɓi. In suruki ne, kunya ce. In maraya ne da aka bar wa mutum riƙo, ɗawainiya ma ta shiga. Irin wannan nakan ce su ɗauki wadda aka fi ji a bakin mutane, wato kunya, su wuce tambaya ta gaba kafin lokaci ya ƙare musu.