Awa Ɗaya Tsakanin Asham da Barci

Mu biyar ne yara a gidanmu da ke Shahuci, idan aka haɗa da 'yar baffanmu da take zaune a wurinmu. Biyu muna jami'a, biyu suna sakandare, sai Auta da bai daɗe da fara cika azumi talatin ba. A sauran watanni kowa da wayarsa da abin da yake kallo. Da azumi kuwa tabarma ɗaya muke hawa, allo ɗaya muke kallo, domin Baba ya kafa doka cewa bayan asham ba mai ƙulewa a ɗaki da waya. Shi ya sa tun Sha'aban bai ƙare ba muke fara gardamar wane shiri mai dogon zango za mu bi a bana.

Da can gardamar ba ta wuce wane ne ya fi daɗi ba. Azumin 2024 ne ya sauya mana lissafi.

A shekarar wani abokin yayanmu ya tura masa Ertugrul, fim ɗin nan na Turkiyya da tashar TRT ta nuna daga 2014 zuwa 2019. Muka ce ai wannan shi ya dace da wata mai alfarma: ga dawakai, ga takubba, ga addu'a a bakin jarumai. Abin da ba mu duba ba shi ne tsawonsa. Kashi 150 ne, kowane kashi kuma yana cin wajen awa biyu. Daren farko muka ce rabi za mu kalla. Daren na uku muka cinye kashi guda. A dare na shida aka kama jarumin a daidai ƙarshen kashi, Auta ya ce shi fa ba zai iya barci bai san ko an kuɓutar da shi ba, mu ma da muke manya ba wanda ya yi ta maza ya kashe. Ƙarfe ɗaya da rabi ta wuce kafin mu kwanta.

Umma ta tashe mu sahur, ta sake tashin mu, ta gaji ta koma kicin. Kiran assalatu ne ya farkar da uku daga cikinmu. Ranar Auta ya yi ɗore, ko ruwa bai kurɓa ba, ga shi tsakiyar Maris, irin zafin da ƙanƙara ke tsada kamar magani. Ya je makaranta, ya yi barci a kan benci ana gwajin lissafi, ya dawo leɓensa a bushe yana kuka ba hawaye. Bayan an sha ruwa Baba bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ku manyan, ku kuka ja masa." Ya zare wayar talabijin ya saka a aljihun babbar rigarsa, ba mu sake ganin ta ba sai ranar hawan Daushe.

Da azumin 2025 ya gabato, sai muka ɗauko takarda kafin mu ɗauko suna ko ɗaya. A Kano idan azumi ya faɗo a Maris, ana shan ruwa wajen bakwai saura ashirin da 'yan mintuna, a kira isha wajen takwas saura kwata. Kafin a idar da asham, a dawo gida, a ci abinci mai nauyi (kunu da ƙosan magariba ai sharar fage ne), a wanke kwanuka, tara da kwata ta yi. Umma kuma tana tashin mu huɗu da rabi, tunda alfijir yana ketowa kafin biyar da rabi. Wanda ya kwanta goma da kwata ya sami barcin awa shida da 'yan mintuna, wanda ko a haka bai ishi ɗan sakandare ba sai ya haɗa da ƙailula. Wanda ya kai ƙarfe ɗaya kuwa, awa uku da rabi ke nan. Ashe duk abin da muke da shi awa ɗaya ce, daga tara da kwata zuwa goma da kwata.

Dararen ma ba talatin ba ne. Daga daren ashirin da ɗaya an shiga goman ƙarshe, masallatai sun cika da tahajjud, wanda zai tashi ƙarfe ɗaya ko biyu kuwa dole ya kwanta da zarar an idar da asham. Saura ashirin. A ciki cire daren farko da kowa yake a jigace. Cire dare biyu ko uku na goman tsakiya, lokacin da 'yan tashe ke cika lungu da ganga da gemun auduga, ba mai iya tsare Auta a gida. Cire ranar da za a je gaida Hajiya kaka, da ranar da za a ɗauke wuta wayoyi duk ba caji. Abin da ya rage mana bai wuce dare goma sha huɗu ko sha biyar ba.

Da muka ɗora Ertugrul a kan wannan ma'auni dariya ta kama mu. Wajen awa 300 ne gaba ɗaya. A awa goma sha biyar duk azumi, sai mun yi shekara ashirin, Auta ya yi aure ya haihu, kafin mu ga ƙarshensa.

Aka kawo maganar Umar, shirin Larabci da tashar MBC ta nuna a azumin 2012 a kan rayuwar Sayyidina Umar ɗan Khaɗɗabi. Shi don azumi aka shirya shi, kashi ɗaya kowane dare, kamar yadda tashoshin Larabawa suka saba. To amma wancan tsari na mai kallon wata guda cur ne, mu kuwa rabin wata muke da shi. Ga shi sai an bi fassarar da ke gudu a ƙasan allo, ido kuma bayan tuwo ba ya son karatu. Daga ƙarshe Baba ne ya rufe zancen, ya ce malamai da dama, har da na Azhar, ba su yarda a nuna fuskokin manyan sahabbai a fim ba, shi kuma ba zai kawo abin da ake saɓani a kansa cikin falonsa da azumi ba. Ba mu ja ba.

Muka dawo gida Kannywood, nan gardama ta yi zafi. 'Yan matan suna son Labarina na Aminu Saira. Yayanmu yana son Izzar So na Lawan Ahmad. Duka biyun mun san daɗinsu, amma duka biyun sun yi nisa, zango a kan zango, kuma an gina su ne don su riƙe mai kallo daga mako zuwa mako. Wanda yake jiran sabon kashi sati-sati, jiran ne yake tsare shi. Wanda ya tarar da kashi hamsin a jere a YouTube ba abin da zai tsare shi sai kansa, mu kuwa mun riga mun ga iyakar namu kan.

Sai 'yar baffanmu ta kawo dabarar da har yau muke amfani da ita. Ta ce kafin a zaɓi shiri, a buɗe wani kashi daga tsakiyarsa, a ja zuwa mintuna uku na ƙarshe, a ga yadda yake rufewa. Idan an ƙare da mutum ya buɗe ƙofa ya zaro ido, kiɗa ya tashi, to wannan shirin zai ci barcinmu. Idan kuwa rigimar da aka fara a kashin ta lafa a cikinsa, ana iya kashewa a kwanta. Da wannan gwaji Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi ya fi sauran samun maki: attajirin tsoho a keken guragu da tarin 'ya'yan da kowa ke harin dukiyarsa, a yi dariya a tashi, ba wanda zai kwana da fargaba. Daɗin Kowa ma bai yi laifi ba, tunda labaransa da yawa ne a gari ɗaya, ko ka tsallake kashi biyu za ka tarar da Kamaye da Adama inda ka san su.

Amma mutum biyar ba sa rayuwa a kan barkwanci kaɗai. Muka tsaya a kan Kwana Casa'in na Arewa24, zangon farko da aka fara a 2019, wanda ƙananan ba su kalla ba a lokacin. Kashi goma sha uku ne, kowanne bai cika awa ba idan babu talla, ya shiga dararenmu cif har da ragowa. Labarin siyasar Alfawa ne da zaɓen gwamna, ba waƙa da rawa irin ta finafinan soyayya, don haka ko Umma ta zauna ba mai neman inda zai sa kansa. Gaskiya ya faɗi gwajin mintuna ukun, domin shi ma ya iya rataye mutum a ƙarshen kashi. Sai muka yi masa takunkumi.

Takunkumin shi ne, kashi ɗaya tak ake saukewa a wayar yayanmu da rana, a kan 360p don data ta yi auki, a kashe Autoplay, da dare kuma a rufe data gaba ɗaya. Idan kashin ya ƙare babu na gaba a cikin gidan, ko da kuwa duk mun haɗu a kan son zuciya. A ranakun da abinci ya makara muka fara tara da rabi, ba ma jiran ƙarshe: goma da kwata na yi za a tsayar a duk inda ake, kuma mun lura tsayawa a tsakiyar kashi, ana hira a ofis ko ana tafiya a mota, ya fi sauƙi a zuciya a kan tsayawa a ƙarshensa. Ranar da kowa ya gaji tiɓis sai a sa Gidan Badamasi maimakonsa.

Ba mu ce ba a karya doka ba. Akwai daren da aka kama yayanmu cikin bargo ya riga mu ganin kashi na tara, hukuncinsa kuwa wankin kwanukan sahur na kwana uku. A shekarar ma an rufe makarantu a Kano saboda azumi, har ƙananan suka nemi a ƙara awa ɗaya tunda ba sammakon aji. Ƙanwarmu da ke shirin JAMB ce ta ƙi, ta ce bayan asuba ne kaɗai kanta yake ɗaukar karatu, idan ta kai sha ɗaya ba ta kwanta ba, a kan littafin take barci.

Mun gama kashi na goma sha uku a daren sha tara. Auta bai rasa sahur ko sau ɗaya ba. Yanzu da Sha'aban ya sake raba tsakiya gardama ta dawo, 'yan matan sun ce bana dole a ba Labarina dama, zango ɗaya kawai, sun ma yi alkawarin su za su riƙe wayar. Yayanmu ya ce ai ba a ba kura ajiyar nama. Takardar lissafin tana nan manne a bayan ƙofar falo, Baba kuma ya ce a nuna masa sunan da aka tsayar kafin a ga wata.