Ɗigo Biyu da Ganuwar pH

Ɗalibin sakandare da ya taso a Ƙofar Atiku cikin birnin Sakkwato, idan yana ajin kimiyya, ba makawa wata rana zai tsaya gaban teburin ɗakin gwaji a jarrabawar WAEC ko NECO. A gabansa akwai dogon bututun gilashi mai famfo da ake kira buret, da fulas mai ƙunshe da mililita 25 na ruwa. Za a ce ya riƙa ɗiga asid a kan alkali har launi ya juya, ya rubuta adadin da ya zuba, ya maimaita sau uku. Wannan aiki shi ne taitireshan. Da yawa daga cikin likitoci da injiniyoyi da masu haɗa magunguna na yau sun yi shi, sun ci maki, ba tare da sun taɓa ganin dalilin da ya sa ɗigo guda ke juya launin ruwan da ya sha ɗigo ɗaruruwa bai motsa ba. Dalilin yana cikin zanen da ke nuna yadda pH ke tafiya yayin da ake zubawa. Wanda ya iya karanta zanen ya san lokacin da zai amince da launi da lokacin da launi ke yaudararsa.

A ɗauki misali ɗaya a bi shi har ƙarshe. A cikin fulas akwai mililita 25 na asid HCl mai ƙarfin mol 0.1 a kowace lita. A cikin buret akwai NaOH, wato sodar da masu sabulu suka sani, ita ma mai ƙarfin mol 0.1. Ana kiran su masu ƙarfi ne domin kowannensu yana wargajewa gaba ɗaya a cikin ruwa, asid ya saki H⁺, soda ta saki OH⁻, kuma duk inda suka haɗu sai su zama ruwa:

H⁺ + OH⁻ → H₂O

Tunda ɗaya ke kashe ɗaya, kuma ƙarfinsu ɗaya ne, mililita 25 na soda ne za su cinye asid ɗin daidai. Wannan wuri shi ne gaɓar daidaito, kuma shi ake nema.

Kafin a zuba komai pH yana kan 1.00. Bayan mililita 10 ya koma 1.37. Bayan mililita 20, lokacin da kashi huɗu cikin biyar na asid ya riga ya tafi, bai kai 2 ba tukuna, yana kan 1.95. A takarda, layin yana kwance kamar hanyar fadama. Abin da ya jawo haka shi ne yadda aka gina ma'aunin. Sørensen, wanda ya fito da shi a shekarar 1909 a ɗakin binciken Carlsberg da ke Denmark, ya ɗora shi a kan logaridim, ma'ana pH ba ya hawa mataki ɗaya sai yawan H⁺ ya ragu ninki goma. Mai buhu goma na gero sai ya rabu da tara kafin a ce abin hannunsa ya ragu ninki goma. Amma wanda ya rage da mudu ɗaya, abu kaɗan zai fitar ya sami irin wannan raguwa. Haka asid yake: yana raguwa, ninki goma na gaba yana ƙara araha.

Shi ya sa labarin ya canza kusa da ƙarshe. A mililita 24, pH ya kai 2.69. A 24.90 ya kai 3.70. A 24.95, saura ɗigo guda ke nan, domin ɗigon buret kusan mililita 0.05 ne, yana kan 4.00. Ɗigon nan ya faɗa, pH ya tsallaka zuwa 7.00. Wani ya biyo baya, ba asid da zai tare shi, pH ya haura 10.00. Mililita 24.95, kusan ɗigo ɗari biyar, sun ɗaga pH mataki uku kacal, ɗigo biyu kuma suka ɗaga shi mataki shida. Daga nan layin ya sake kwanciya: 11.29 a mililita 26, sannan 12.52 a mililita 50, yana rarrafe zuwa 13 wanda ba zai taɓa kaiwa ba. Siffar ke nan, fili a ƙasa, ganuwa a tsaye, fili a sama. A jarrabawa, inda aka saba sa asid a buret alkali a fulas, zanen yakan kifa ne kawai, ya fara daga 13 ya gangaro.

Gaɓar daidaito tana tsakiyar ganuwar, inda hawan ya fi tsanani. Mai aiki da na'urar auna pH da wuya ya dace da ita kai-tsaye, kuma ba ya bukata. Idan ya ga lambobi sun fara gudu, sai ya daina zuba mililita guda-guda, ya koma ƙara 0.10, yana jiran na'ura ta natsu kafin ya rubuta. A ce ya sami 3.30 a 24.75, da 3.52 a 24.85, da 4.00 a 24.95, da 10.00 a 25.05, da 10.48 a 25.15. Sai ya dubi ratar da ke tsakanin kowace lamba da mai bi mata: 0.22, sai 0.48, sai 6.00, sai 0.48. Babbar ratar ta faɗo tsakanin 24.95 da 25.05, kuma tunda maƙwabtanta biyu sun yi daidai, gaɓar tana tsakiya, a 25.00. Da ratar baya ta fi ta gaba girma, da gaɓar ta ɗan karkata baya. Kuskuren da aka fi yi shi ne ci gaba da zuba mililita ɗaya-ɗaya har a tsallake ganuwar. Wanda yake da 2.69 a 24 da 11.29 a 26 ba shi da komai a tsakani, zai iya zana layi mai kyan gani, amma tsakiyarsa zato ne.

Tsayin ganuwar shi ke ba manuni damar aiki. Manuni rini ne da ke canza launi a wani yanki na pH. Mesal oranj yana juyawa tsakanin 3.1 da 4.4, ja a ƙasa, rawaya a sama. Finolfitalin yana juyawa tsakanin 8.2 da 10, daga marar launi zuwa ruwan hoda. Babu wanda ke juyawa a 7 cikinsu, kuma duk da haka kowanne yana ba da amsa mai kyau a wannan gwaji, domin ɗaya yana gindin ganuwa ne, ɗaya yana kusa da kanta, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce ɗigo biyu zuwa uku ba. Wurin da launi ya juya da gaɓar daidaito abu biyu ne daban. Tsananin hawan ne kawai ya matse su har suka zama kamar ɗaya.

A tsarma ruwan biyu ninki ɗari, su koma mol 0.001, sai matsin ya saki. Yanzu ɗigo guda kafin gaɓa pH yana wajen 6, ɗigo guda bayanta yana wajen 8. Ganuwar ta gajarce, mesal oranj ya faɗo waje. Zai kai launinsa na tsakiya, wajen pH 4, tun a mililita 20.5, wato kuskuren kashi 18 cikin ɗari. Mai gwajin zai maimaita sau uku, ya sami lambobi uku masu kama da juna, ya yi murna da su. Jituwar sakamako ba ta nuna cewa an zaɓi manunin da ya dace.

Akwai kuma batun lamba 7, wadda littattafai suka cusa wa mutane har suka ɗauke ta doka. Bakwai pH ne na ruwa tsantsa a digiri 25 na ma'aunin salshiyos. Sakkwato a watan Afrilu da Mayu takan wuce digiri 40 da rana, kuma ɗakin gwaji marar na'urar sanyaya iska ba ya nesa da haka. Ruwa mai ɗumi ya fi wargajewa zuwa H⁺ da OH⁻, don haka a digiri 40 tsaka-tsaki yana kan 6.77. Ruwan bai zama asid ba, domin ɓangarorin biyu sun ƙaru tare. A zanen, gefen asid yana nan yadda yake, amma gefen alkali ya sauko da kusan rabin mataki, ɗigo guda bayan gaɓa ya ba da 9.5 maimakon 10. Adadin mililitan da ake nema bai canza ba, kuma a gaskiya wanda ya tsaya a 7.00 bai ɓata ko ɗan ɓangaren ɗigo ba. Haɗarin yana wajen fassara: mai gwaji ya ga tsakiyar ganuwarsa ta faɗo a 6.8, ya zargi na'ura mai lafiya, ko ya gyara lambobinsa don su dace da littafi.

Abin da ke ɓata adadin mililita da gaske yana cikin kwalbar soda. NaOH tana zuƙar iskar CO₂ daga sarari, wani ɓangarenta ya koma Na₂CO₃, dangin kanwa. Kwalbar da aka haɗa tun farkon zango, ana buɗewa ana rufewa, ba ta rasa wannan. Kabonet yana karɓar H⁺ sau biyu, na farko kafin pH ya sauko wajen 8, na biyu a wajen 4. Mesal oranj yana ƙirga duka biyun, don haka kusan bai san an yi ɓarna ba. Finolfitalin yana ƙirga na farko kaɗai. Idan kashi 2 cikin ɗari na sodar ya koma kabonet, finolfitalin zai nemi mililita 25.25, mesal oranj kuwa yana nan kusa da 25. A zane, ganuwar ba ta ƙara miƙewa santal. Takan yi ɗan kafaɗa a tsakiya, tsakanin 5 da 8, kamar katangar da ruwan damina ya zaizaye.

Gano wannan ba ya bukatar na'ura. A yi gwajin sau biyu, kowanne da manuninsa. Idan bambancin bai wuce mililita 0.1 zuwa 0.15 ba, sodar lafiya take. Idan ya kai 0.3 ko fiye, a haɗa sabuwa da ruwan da aka tafasa ya huce a rufe, a ajiye ta a gorar roba mai murfi. Iskar nan ce kuma ke sa ruwan hodar finolfitalin ya dusashe idan an bar fulas a buɗe bayan an gama. Ƙa'idar masu aikin ita ce launin ya tsaya kamar daƙiƙa 30 ana kaɗa fulas. Wanda ya dawo bayan minti biyu ya tarar ya washe, ya ƙara ɗigo, CO₂ na ɗakin yake aunawa, asid ɗinsa ya riga ya ƙare.