Ƙarfe Sha Ɗayan Nairobi

Da yammacin wata Alhamis wasiƙar imel ta shigo mini daga wata cibiyar bincike da ke Nairobi, inda na nemi aikin shekara guda. Jami'ar da ke kula da ɗaukar ma'aikata ta ce sunana ya shiga cikin waɗanda za a yi wa intabiyu ta bidiyo a mako mai zuwa, ta kuma ba ni zaɓi uku: Talata ƙarfe 11:00, Laraba ƙarfe 12:00, ko Juma'a ƙarfe 3:30. Na ga ba ni da komai ranar Talata a wannan lokaci, har na fara rubuta amincewa, sai idona ya faɗa kan haruffa uku da ke ƙarshen layin: EAT, wato agogon gabashin Afirka.

Agogon Nairobi yana gaba da namu da awa biyu. Ƙarfe 11:00 ɗinsu ƙarfe 9:00 ne a nan, ina tsakiyar lacca da ɗaliban aji biyu a ɗakin da sassa da yawa ke rububinsa. Lokacin Laraba ya faɗa ƙarfe 10:00, sa'ad da ɗalibina zai kare kundin digirinsa na biyu a gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a. Na Juma'a kuwa ƙarfe 1:30 ne, ina masallaci.

Zuciyata ta ba ni shawara biyu, dukansu kuma na kunya ne. Ta farko, in yi shiru kwana biyu ko uku ko Allah zai sa wani abu ya ɗage da kansa. Ta biyu, in karɓi ko wanne, in ji da sauran daga baya, tunda ni ne mai nema. Na taɓa bin ta farko shekarun baya a wani neman, kuma kafin in amsa, sauran 'yan takara sun kwashe guraben. Tun daga nan na gane cewa mai shirya intabiyu ba ita kaɗai take yanke lokaci ba. Mutum uku ko huɗu take haɗawa a zama ɗaya, kuma so suke su ga kowa cikin mako guda domin su kwatanta. Sauyin lokaci abu ne da suka saba da shi. Abin da ke wahalar da su shi ne jinkiri, da amsar da ba ta ƙunshi komai ba sai "ba zan samu dama ba".

Don haka na zauna da takarda a daren. Idan ofishinsu yana aiki daga ƙarfe 9:00 zuwa 5:00, to a agogona daga 7:00 na safe ne zuwa 3:00 na rana. Yammacin da nake da sarari bai da amfani, domin sun tashi. Na kuma cire ƙarfe 11:00 namu, saboda ya yi daidai da lokacin cin abincin ranarsu. Daga abin da ya rage na tsamo gurabe uku, duk a cikin makon da suka tsara.

Da Turanci na rubuta amsar, a ƙarƙashin wasiƙarta domin kada zancen ya rabu biyu, amma ga ma'anarta: "Na gode da gayyata, kuma ina ɗokin wannan ganawa. Lokutan uku sun ci karo da ayyukan da ba ni da ikon ɗagewa. Zan samu dama Litinin ko Talata ƙarfe 2:00 na rana, ko Alhamis ƙarfe 10:00 na safe, duk a agogon Nairobi, wato 12:00 da 8:00 a agogon Najeriya. Idan babu wanda ya dace da kwamitin, zan nemi wanda zai riƙe mini aji in halarci na Talata ƙarfe 11:00." Na sa kwanan wata kusa da kowace rana.

Jimlar ƙarshe ita ce ta fi ba ni wuya, domin ban rubuta ta ba sai da na kira shugaban sashenmu da wani abokin aiki suka amince. Ita ce ke nuna cewa ba jan aji nake yi ba. Ban kuma tsawaita uzuri ba, domin ba tarihin makona take nema ba.

Da safiyar Juma'a amsa ta zo: Alhamis. Da gayyatar kalanda ta biyo baya, na buɗe ta na tabbatar wayata tana nuna 8:00, sannan na amsa da layi ɗaya mai maimaita rana da lokaci a agogo biyun. Na san sau ɗaya ake neman irin wannan alfarma. Wanda ya sake neman sauyi a kan lokacin da shi ya zaɓa, ya fara ba da amsar intabiyu tun kafin a tambaye shi. Ranar Laraba na zauna a bayan ɗalibina har ya kare kundinsa. Washegari tun ƙarfe 7:30 ina ofis, na cika batirin kwamfuta, ina jiran ƙarfe goman Nairobi.